Daga maimaita babi zuwa auna hujja: tambayoyi da amsoshi kan gyaran sharhin littafi

Waɗannan tambayoyi su ne ɗalibai da sababbin malamai a Marwa da Garwa suka fi yi idan aka dawo musu da sharhin littafi, an rubuta a gefe da jan biro cewa taƙaitawa ce kawai. Don kada maganar ta tsaya a iska, zan riƙe littafi ɗaya a matsayin misali tun daga farko har ƙarshe. Littafin ƙirƙirarsa na yi, babu shi a kasuwa. A ce yana da shafi 240 da babi takwas, kuma yana magana ne a kan Tafkin Chadi da rikice-rikicen da ke kewaye da shi. Amma abubuwan da zan faɗa game da tafkin kansa gaskiya ne.

Malam, na karanta littafin daga bango zuwa bango, na faɗi abin da ke cikin kowane babi ban bar ko ɗaya ba. Me ya sa aka ce ban yi sharhi ba?

Saboda ka amsa tambayar da ba a yi maka ba. Ka gaya mana abin da ke cikin littafin, alhali jerin abubuwan da ke ciki, wanda marubucin ya sa a shafin farko, ya riga ya gaya mana. Mai neman sharhi yana da wata damuwa daban. Yana so ya san abin da marubucin ke ƙoƙarin sa mu yarda da shi, da abin da ya dogara a kai, da kuma ko abin dogaron ya ɗauki nauyin maganar. Ɗalibar da ke Ngaundare tana tunanin ko ta kashe kuɗinta ta sayi littafin, ko malamin da ke Njamena yana tunanin ko ya sa shi cikin karatun ajinsa, ba za su ƙaru da komai ba idan ka ce musu babi na uku ya yi magana a kan fari. Sun san za a yi magana a kan fari. Abin da ba su sani ba shi ne ko maganar ta riƙe.

Wahalar da ka sha ba ta tafi a banza ba. Wannan taƙaitawa ita ce bayanan da ka tara wa kanka, kuma da ita za ka yi aikin. Kuskuren shi ne miƙa ta a matsayin aikin da aka gama.

Yaya zan gane da kaina cewa na faɗa cikin maimaita babi, tun kafin a dawo mini da takardar?

Karanta kalmomi biyar na farkon kowane sakin layi, ka tsallake sauran. Idan abin da ka ji shi ne "A babi na farko", "A babi na biyu kuma", "Daga nan marubucin ya ci gaba", to tsarin littafin ne ke jan ka, ba tunaninka ba. Sannan ka duba aikatau ɗin da ka yi amfani da su. Ya bayyana, ya kawo, ya ambata, ya taɓo, ya yi bayani: duk waɗannan rahoto ne, babu hukunci a cikinsu. Akwai kuma alamar da ta fi kowacce fitowa fili, wato ra'ayinka duka ya taru a sakin layi na ƙarshe, kuma bai wuce cewa littafin yana da amfani ga ɗalibai da manazarta ba. Jimlar da za a iya ɗauka a liƙa a ƙarshen sharhin kowane littafi a duniya ba ta ce komai game da wannan littafin ba.

To daga ina zan fara gyaran? In bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya ina ƙara ra'ayina a ƙarshen kowanne?

A'a, kuma wannan ita ce hanyar da aka fi bi a ɓata lokaci. Idan ka ƙara "wannan babi ya yi kyau" ko "a nan marubucin ya gaza" a bayan kowace taƙaitawa, za ka samu ƙananan hukunce-hukunce takwas da ba su san juna ba, kuma har yanzu babu wanda ya taɓa littafin a dunƙule.

Ajiye tsohon rubutun. Rufe littafin ma. Ɗauki farar takarda ka rubuta da'awar marubucin a jimla ɗaya, jimlar da mai hankali zai iya musawa. "Littafin yana magana a kan Tafkin Chadi da rikici" ba da'awa ba ce, batu ne, ba wanda zai ce maka ƙarya ne. Amma duba wannan: "Marubucin yana cewa ƙafewar Tafkin Chadi ita ce tushen rikice-rikicen yankin, saboda raguwar ruwa ta tura manoma da makiyaya da masunta cikin ƙaramin fili, sai suka fara faɗa a kan abin da ya rage." Wannan ana iya yarda da ita, ana iya ƙin yarda. Kuma ka lura da kalmar "saboda" a tsakiyarta. Abin da ke gabanta shi ne da'awa, abin da ke bayanta shi ne dalili, kuma aikinka duka yana kan wannan mahaɗa.

Galibi za ka samu da'awar a ƙarshen gabatarwa da kuma farkon kammalawa. Ka gwada wuraren biyu. Sau da yawa marubuci yakan yi alkawari babba a gabatarwa, ya ce ƙafewar ita ce tushen rikici, sannan a kammalawa ya sassauta ya ce tana cikin abubuwan da suka taimaka. Idan ka kama irin wannan bambanci, ka samu abin rubutawa tun ba ka yi nisa ba, domin "tushe" da "ɗaya daga cikin dalilai" ba nauyinsu ɗaya ba, kuma shaidar da ta isa ta tabbatar da na biyu ba za ta isa na farko ba.

Na samu jimlar. Babi takwas ɗin fa, in yi watsi da su?

Ba watsi za ka yi ba, aiki za ka raba musu. Koma kan tsohuwar taƙaitawarka, a gefen kowane babi ka rubuta amsar tambaya ɗaya: me wannan babi yake yi wa da'awar? A littafinmu na misali, a ce babi na 1 da na 2 tarihin tafkin ne da mutanensa, wato shimfiɗa. Babi na 3 da na 4 suna nuna yadda ruwan ya ja baya. Babi na 5 yana ƙoƙarin nuna cewa ja da bayan ruwan ne ya haifar da faɗa. Babi na 6 da na 7 labaran rikice-rikice ne a garuruwa daban-daban, na 8 kuma shawarwari ga hukumomi.

Da zarar ka yi haka za ka ga cewa babukan ba darajarsu ɗaya ba. Ba wanda ke musun cewa tafkin ya ragu, saboda haka babi na 3 da na 4, duk da tsawonsu da tarin alƙalumansu, suna tabbatar da abin da an riga an yarda da shi. Babi na 6 da na 7 suna tabbatar da cewa an yi faɗa, wannan ma kowa ya sani. Nauyin littafin gaba ɗaya yana kan babi na 5, kamar yadda rufin soro ke kan azara. Idan wannan babi ya karye, sauran bakwai ɗin sun zama bayanai masu kyau da ba su haɗu sun zama hujja ba. Don haka a sabon sharhinka babi na 5 zai iya cin rabin filin, babi na 1 da na 2 kuma jimla ɗaya ta ishe su. Wannan rashin daidaito ba zalunci ba ne ga marubucin. Shi ne alamar cewa ka fahimci yadda ya gina maganarsa.

Amma da me zan auna hujjar? Marubucin ya yi shekaru yana bincike, ni kuwa ɗaliba ce a shekarar farko ta digiri na biyu.

Ba sai kin fi shi sani ba kafin ki duba ko dalilinsa ya kai ga da'awarsa. Ba gasar yawan karatu ake yi ba. Ga yadda za a yi da littafinmu.

Fara da lokaci. Idan an ce abu kaza ne ya haifar da abu kaza, sai a tambaya yaushe kowannensu ya faru. A 1963 faɗin ruwan tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin farkon shekarun 1970 ya raba shi gida biyu, ɓangaren arewa da na kudu, sannan farin tsakiyar shekarun 1980 ya mayar da ruwan fili ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a da. Wannan ita ce babbar ƙafewar. Amma tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa haka ba, yana cika yana ja baya gwargwadon damina, kuma mutanen Kuseri da Njamena ba sa bukatar a tuna musu ambaliyar 2022. Tayar da ƙayar bayan Boko Haram kuwa a 2009 ta ɓarke a Maiduguri, kuma sai bayan wasu shekaru ta iso arewacin Kamaru da Chadi. Tsakanin mafi munin ƙafewa da mafi munin tashin hankali akwai shekara ashirin da wani abu. Wannan tazara ba ta rushe da'awar ba, domin abu yakan daɗe yana ruruwa kafin ya kama. Amma dole marubucin ya yi bayaninta. Ki koma babi na 5 ki duba: ya yi, ko ya tsallake?

Sai wuri. A ce babi na 6 ya kawo faɗan da aka yi a Logon-Birni a 2021 tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da Musgun masu su da noma, wanda ya sa dubban mutane suka tsallaka zuwa Chadi. Faɗa ne da ya shafi ruwa, ba shakka. Amma Logon-Birni tana bakin kogin Logon ne, kudu da Kuseri, ba bakin tafkin ba. Ruwan fadamar wannan yanki ya dogara ga ambaliyar kogin, kuma madatsar ruwan Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa ta rage ruwan da ke malala cikin fadamar. To idan marubucin ya jera wannan faɗa cikin shaidun ƙafewar tafki, ki tambaya ko misalin nasa ne da gaske, ko kuwa na wata da'awa ce ta daban, wadda ta shafi madatsun ruwa da rabon ƙasa da rawar hukuma.

Na uku, wanda ni na fi jin daɗinsa, shi ne neman inda dalilin ya kasance amma sakamakon ya zo a juye. Da ruwan ya ja baya, ya bar ƙasa mai laima da albarka, mutane suka yi ta zuwa daga nesa suna noman masara da wake, suna kiwo, suna su. Yankin Darak haka ya cika da jama'a, har Kamaru da Najeriya suka yi jayayya a kansa, Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002. A nan ba ƙarancin arziki ne ya kawo takaddama ba, sabon arziki ne da ba a riga an san mai shi ba. Idan littafin bai ce komai a kan wannan ba, ya bar ƙofa a buɗe. Idan ya ambata kuma ya amsa, sai ki auna amsar, kuma ki yaba masa idan ta yi.

Ba wani ilimi na ɓoye a cikin waɗannan ukun. Jerin shekaru ne, da taswira, da misali ɗaya da ya saɓa. Yawancin kayan ma a cikin littafin kansa za ki same su, a babi na 3 da na 4 da kika kusa tsallakewa.

A nuna mana yadda sakin layi ɗaya zai canza.

Ga tsohon salo:

"A babi na biyar marubucin ya yi bayani a kan alaƙar ƙafewar tafki da rikici. Ya kawo hirarraki da manoma da makiyaya. Ya kuma ambaci yadda filayen kiwo suka ragu. Daga nan ya shiga babi na shida."

Ga sabo:

"Duk littafin ya jingina ne a kan babi na biyar, inda marubucin ke so ya nuna cewa raguwar ruwa ce ta haifar da faɗa. Shaidarsa hirarraki ne da manoma da makiyaya, kuma suna da ƙarfi wajen nuna yadda mutane ke jin matsi. Sai dai duk waɗanda ya zanta da su daga garuruwan da aka yi rikici suke. Bai je ko gari ɗaya da ruwa ya ja baya amma aka zauna lafiya ba, saboda haka ba mu da hanyar sanin ko ƙafewar ce ta bambanta garuruwan. Jadawalinsa na babi na uku ma ya nuna mafi ƙarancin ruwa a tsakiyar shekarun 1980, alhali rikice-rikicen da ya kawo na bayan 2009 ne, kuma bai yi bayanin tazarar ba. Abin da babin ya tabbatar shi ne ƙafewar ta ƙara matsi. Bai tabbatar da cewa ita ce tushe ba."

Taƙaitawar ba ta ɓace ba. Mai karatu ya san abin da babin ya ƙunsa, har ya fi sani fiye da a tsohon salon. Bambancin shi ne kowane bayani ya shigo ne domin ana bukatarsa wajen yanke hukunci. A sharhi na gaske za ka sa lambar shafi a bayan kowace irin wannan magana, musamman inda kake cewa marubucin bai yi wani abu ba. Kafin ka rubuta "bai yi bayani ba", ka duba bayanan ƙasan shafi da na ƙarshen littafi, domin marubuta sukan ɓoye amsar suka a can.

Taƙaitawa nawa ya kamata ta rage?

Babu doka, amma a sharhi mai kalma 1,000 ni nakan so kada bayanin abin da littafin ya ƙunsa ya wuce kalma 250, kuma ya zo da wuri, a dunƙule. Sakin layi na farko ya faɗi da'awar da hukuncinka a kanta, kada ka ɓoye shi sai ƙarshe. Na biyu ya nuna yadda aka gina littafin. Sauran filin na maki biyu ne ko uku da ka zaɓa ka auna. Idan suka kai shida, ka koma jeri, sai dai yanzu jerin ƙorafi ne maimakon jerin babi.

Malam, marubucin dattijo ne, kuma ya koyar da malamanmu. Yaya zan ce hujjarsa ba ta riƙe ba, ba tare da an ce ba ni da kunya ba?

Wannan ita ce tambayar gaskiya, kuma ina zaton ita ce ke sa rabin masu sharhi fakewa a bayan maimaita babi. Taƙaitawa ba ta ɓata wa kowa rai. A garuruwanmu kuma masu rubutu a fage ɗaya ba su da yawa, wanda ka yi wa sharhi yau kana iya samunsa gobe a kwamitin da zai saurari kundinka, ko ku haɗu a ɗaurin aure.

Abin da zai kare ka shi ne ka sa maganarka a kan shafi, ba a kan mutum ba. "Malam bai fahimci tarihin tafkin ba" zagi ne, kuma wataƙila ƙarya ne. "Jadawalin shafi kaza da da'awar shafi kaza ba su dace ba" magana ce da kowa zai iya buɗe littafi ya duba. Sannan ka fara da faɗin hujjarsa a mafi ƙarfin siffarta, yadda idan ya karanta zai ce lallai haka nake nufi. Wanda ya ga an fahimce shi daidai yakan jure suka. Abin da ke ƙona ran marubuci shi ne a soke shi a kan abin da bai faɗa ba. Kada kuma ka lulluɓe hukuncin da ban-haƙuri har ya ɓace. Girmamawa sau ɗaya a inda ta dace ta isa, ba sai kowace jimla ta durƙusa ba.

Idan kuma na yarda da marubucin ɗari bisa ɗari?

Auna hujja ba neman laifi ba ne. Ka yi gwajin nan guda uku, na lokaci da wuri da misalin da ya saɓa, sannan ka nuna wa mai karatu yadda littafin ya ci gwajin. "Na zaci tazarar shekarun za ta karya da'awar, amma marubucin ya bi ƙaurar iyalai daga shekarun fari zuwa garuruwan da aka yi faɗa, ya nuna yadda takaddamar fili ta gadu daga uba zuwa ɗa." Wannan yabo ne mai nauyi, domin an ga abin da aka gwada shi da shi. Ka ƙara da iyakar da'awar: a ina take aiki, a ina ba a gwada ta ba.

Zan iya sukar littafin a kan abin da bai taɓo ba? Misali, bai ce komai a kan mata masu sayar da banda ba.

Sai idan rashin ya raunana da'awarsa. Kowane littafi ya bar abubuwa dubu, kuma mai sharhi da ke lissafa su yana sharhin littafin da shi yake so a rubuta ne, ba wanda ke gabansa ba. Tambayi kanka: da marubucin ya sa wannan abu, hukuncinsa zai canza? Barin maganar Darak yana taɓa da'awar kai tsaye, saboda haka sukarsa a kan wannan halal ce. Barin mata masu banda kuwa ya danganta. Idan za ka iya nuna cewa cinikin kifi ya bunƙasa a shekarun da littafin ke cewa tattalin arzikin tafkin ya mutu, to ya shiga cikin hujja. Idan dai kawai batu ne da kake sha'awa, ka ajiye shi don naka rubutun.

Littafin da aka ba ni marubuta goma sha biyu ne suka rubuta, kowa da babinsa. A nan ma ba za a bi babi-babi ba?

A nan jarabar ta fi ƙarfi, kuma akwai ɗan uzuri, tunda kowane babi da mai shi. Duk da haka akwai wanda ya tattara su, kuma a gabatarwarsa ya faɗi dalilin da ya sa suka zauna cikin bango ɗaya. Wannan dalili shi ne da'awar da za ka auna. Ka raba babukan rukuni-rukuni gwargwadon yadda suka tsaya game da ita: waɗanda suka goyi bayanta, waɗanda suka saɓa mata ko da ba su faɗa ba, da waɗanda ba ruwansu da ita. Idan mai tattarawa ya ce ƙarancin ruwa ne ke kawo faɗa, sannan babi na 9 ya nuna garin da faɗa ya tashi a shekarar ambaliya, ka haɗa su fuska da fuska a sakin layi ɗaya, ka faɗi wanda shaidarsa ta fi. Babi uku ko huɗu za ka shiga cikinsu sosai. Sauran ka ambaci sunan marubutansu da batunsu a jimla ɗaya ɗaya, don mai neman wani batu na musamman ya san yana ciki.